Yadda ake gano jimlolin da ake nufi idan mai aiki ya ce rubutunka kamar inji ne ke magana

Duk mai rubuta wa mutane sanarwa ko talla a Garwa, Marwa ko Ngaundare da ke arewacin Kamaru ya san wannan magana. Ka kai aiki, mai shi ya saurara, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "Malam, ya yi, amma kamar inji ne ke magana. A gyara shi ya zama irin maganar mutane." Iyakar abin da zai faɗa ke nan. Bai nuna maka layi ba, bai ce wace kalma ba.

Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu koma gida mu sake rubutun daga farko har ƙarshe. A ganina wannan shi ne babban kuskure a sana'ar nan. Idan mutum ya gaya wa tela riga ta matse shi, tela ba ya warware ɗinkin duka, sai ya sa shi ya saka rigar ya nuna wurin, hammata ce ko wuya. Sau da yawa jimla biyu ko uku ne suka ɓata wa mai aiki kunne, sauran kuwa yana son su. In ka sake komai, ka zubar da abin da yake so, kuma mai yiwuwa ka bar abin da ya dame shi a wata sabuwar kama.

Bari mu bi aiki ɗaya daga farko. A ce wani Alhaji mai shagon kayan sola a babbar kasuwar Garwa ya ba ka takarda da Faransanci, yana son talla da Hausa wadda za a karanta a rediyo a kuma tura ta WhatsApp. Ka rubuta masa wannan, shi kuma ya ce kamar inji.

1. Assalamu alaikum jama'a.
2. Muna da farin cikin sanar da abokan cinikinmu masu daraja isowar sababbin fitilu masu amfani da hasken rana.
3. Ana samun waɗannan kayayyaki a kan farashin sefa 7,500.
4. Ana ba da tabbacin inganci na tsawon wata 6.
5. Ana gayyatar masu sha'awa su ziyarci shagonmu da ke babbar kasuwa.
6. Kada ku yi jinkirin tuntuɓarmu domin ƙarin bayani.
7. Sai kun zo.

Matakin farko shi ne abin da ka gani a sama: raba rubutun jimla-jimla, kowace da lambarta. Kada ka tambayi Alhaji "me ke damun rubutun?" Ba aikinsa ba ne sanin nahawu, kuma tambayar za ta sa ya maimaita maka abin da ya riga ya faɗa. Kada ma ka miƙa masa takardar ya karanta. Mutanenmu da yawa a nan da Faransanci suka yi makaranta, wasu kuma allo da ajami suka sani, saboda haka Hausar boko a takarda takan yi musu nauyi ko da kuwa rubutun ba shi da aibi. Kunnensu ne alƙali. Ka zauna kusa da shi ka ce: "Alhaji, zan karanta ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka ji bakinka ba zai faɗi haka ba, ka tsayar da ni."

Ka karanta a hankali, ka dakata bayan kowace jimla, idonka a kan fuskarsa. Alama uku sun ishe ka a gefen takarda: wadda ya amince da ita, wadda ya tsayar, da wadda ya ce "to, ba laifi" yana jan murya. Ta ukun nan ka kula da ita sosai. Dattijo mai kunya ba ya son ya yi ta kushe aikin mutum a gabansa, sai ya tsayar da kai sau biyu ya bar sauran su wuce. "Ba laifi" mai jan murya a wurinmu kusan a'a ce.

A ce Alhaji ya tsayar da kai a ta 2, ta 4 da ta 6, ya ja murya a ta 3, ya bar ta 5 ta wuce. Yanzu ka san inda aikin yake. Wataƙila kai ta 5 kake zargi, ga shi ba ta dame shi ba.

Mataki na gaba shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. A kowace jimlar da ya tsayar, kada ka kawo gyaranka. Ka ajiye takardar ka ce: "Alhaji, a ce ga mai saye tsaye a bakin shago, yaya za ka gaya masa wannan?" Ka nemi izininsa ka ɗauki muryarsa a waya, domin abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne zinariyar, in ka ce ya maimaita sai ya shiga gyara harshe saboda ya ga ana rubutawa. A ta 2 zai iya cewa: "Jama'a, fitilar sola ta iso." A ta 3: "Jaka bakwai da rabi ne." A ta 4: "In ta lalace kafin wata shida, kawo ta mu canja maka." A ta 6: "Ga lamba nan, a buga mana."

Ka jera nasa kusa da naka, sai dalilan su fito da kansu. Jimla ta 2 da ta 6 kalmominsu Hausa ne amma ƙashin bayansu Faransancin ofis ne: buɗe sanarwa da farin cikin sanarwa, da rufe ta da kada a yi jinkirin tuntuɓa, salon wasiƙar hukuma ne da muka saba gani a takardu, ba wanda ke faɗinsa a kasuwa. A ta 3 matsalar ƙidayar kuɗi ce, domin mai ciniki da jaka yake lissafi, sefa 1,000 jaka guda, kuma sai ya tsaya ya juya "dubu bakwai da ɗari biyar" a kansa. A ta 4 an ɓoye mai yi da wanda ake yi wa: "ana ba da tabbaci" ba ta ce wa zai yi me ba, shi kuwa Alhaji ya sa "mu" da "kai" da aikin da za a yi. Akwai kuma abin da bai iya nunawa ba amma kunnensa ya ji: jimla uku a jere sun fara da "ana", kuma tsawonsu kusan ɗaya. Wannan kiɗa mai sauti ɗaya yana cikin manyan abubuwan da ke sa a ce inji. Da zarar ka gyara ta 3 da ta 4, "ana" ɗin ta 5 ta zama guda ɗaya tilo, ba ta ƙara damun kowa. Shi ya sa ba a taɓa ta ba.

A nan akwai rami, kuma ina roƙon kowa ya lura da shi. Maganar baki takan canja alkawari. Takardar Faransanci garanti ta ce, wanda zai iya zama gyara kawai, Alhaji kuwa da bakinsa ya ce "mu canja maka". In wannan ya fita a rediyo, mutum zai zo daga Pitowa ko Gidar da fitilarsa yana neman sabuwa, kuma yana da gaskiya. Saboda haka ka tambaya kai tsaye: "Alhaji, canjawa ake yi ko gyarawa?" Farashi, kwanan wata, adireshi, sharaɗi, da awon magani in sanarwar lafiya ce, duk ana sauya musu lafazi amma ba a taɓa ma'anarsu.

Bayan haka sai gwaji. Ka ɗauki jimla ɗaya ka yi mata siga biyu da suka bambanta a abu guda kawai, ka karanta masa duka. Misali "kawo ta mu gyara maka" da "ku kawo ta mu gyara muku". In ka canja abu biyu a lokaci ɗaya ya zaɓi ɗaya, ba za ka san wanne ya ja shi ba. Kada ka yi mamaki in ya zaɓi "ku", alhali shi da bakinsa "kai" ya yi amfani da shi. A shago mutum ɗaya yake fuskanta, a rediyo kuwa dattawa da matan aure suna ji, kuma ba ya son a ce ya yi musu gatsali. Gwaji biyu ko uku irin wannan sun isa. Wani da ya kamata a yi shi ne na kalmar aro: "garanti" ko "tabbaci", "sola" ko "hasken rana". A garin da Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci kuma na ofis, kalmar da aka saba ji ta fi kalmar da ta fi tsarki a littafi isa kunne.

Daga nan za ka iya rubuta wa kanka, a layi biyu, abin da wannan mutumin yake nufi da "maganar mutane": gajerun jimloli, kuɗi da jaka, kalmomin kasuwa, a ambaci mai yi, a kira masu sauraro da "ku". Ka karanta masa wannan ya tabbatar, ka adana don aikinsa na gaba.

Amma kada ka ɗauki ma'aunin Alhaji ka kai wa kowa. Wata Hajiya shugabar ƙungiyar mata a Marwa za ta iya jin irin wannan salo ta ce ya yi kasuwa da yawa, domin ita Hausar da take ji daidai ita ce ta masu karanta labarai a BBC ko RFI, mai natsuwa da cikakkun jimloli. Ɗan kasuwar da ke Kusiri, wanda rabin masu sayensa daga Njamena suke tsallakowa, kunnensa ya saba da kalmomin Larabcin Shuwa, kuma Hausar Kano zalla za ta iya yi masa kama da ta baƙo. Dukansu "kamar inji" za su ce, kuma abu uku daban suke nufi. Tambayar da ke rarrabe su ita ce: "Wa kike son ya ji wannan, Hajiya, kuma muryar wa kike ji a ranki in ana karantawa?" In ta ambaci wani shiri ko ta turo maka wani saƙon murya da ya burge ta, ka saurare shi sau biyu kafin ka taɓa alƙalami.

Wani lokaci kuma ka karanta jimlolin duka, mai aiki bai tsayar da kai ko sau ɗaya ba, har ya ce "ai wannan ya yi daɗi, ba shi na ji jiya ba". To laifin ba na rubutu ba ne, na wanda ya karanta shi aka ɗauki muryarsa ne. Mai karatun da bai saba da Hausar boko ba yakan bi kalma ɗaya-ɗaya, ya ɓata karin sauti da tsawon wasali, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su, sai "gari" na birni ya koma na tuwo. Maganinsa a ba shi takardar tun da wuri, a sa masa alamar inda zai numfasa, ya faɗa da ka sau biyu kafin a kunna na'ura.

In masu duba aikin sun fi ɗaya, misali Alhaji da ɗansa da ya yi karatu a jami'ar Ngaundare, ka yi wa kowanne karatun shi kaɗai. A gaban uba ɗa ba zai yi musu ba, sai daga baya ya turo maka gyara ta waya. Jimlar da su biyun suka tsayar ka gyara ta nan take. Wadda suka saɓa a kanta ka mayar wa Alhaji da siga biyu, ya zaɓa, ka rubuta zaɓinsa a gefen lambar kafin a tafi ɗaukar murya.