Yadda darakta zai rubuta takardar sauyin tsarin kamfani

Masu kananan injinan shinkafa a yankin Hadeja suna ta tambayata wannan, to ga shi.

1. Fara da maganar kai tsaye: misali, za a hade sashen gumi da na casa.
2. Fadi dalilin gaskiya, in tsadar dizal ce ka ce ita ce.
3. Rubuta ranar da sauyin zai soma.
4. Fadi gurabe nawa abin zai shafa. Hattara, nan ake kuskure: kar ka sa sunan kowa, wanda za a sallama kira shi ofis ku gana tukuna, bai kamata magidanci ya ji a bakin maigadi ba.
5. Bayyana hakkin sallama da ranar biya, kar ka yi alkawarin da aljihun kamfani ba zai dauka ba.
6. Sa hannu da kanka.
7. Tara kowa bayan azahar a karanta da baki, don ba duk lebura ke karatun boko ba.