Yadda na warware tulin wasiƙun rikicin siminti

Ɗan kwangilarmu da mai kawo masa siminti sun shafe watanni suna musayar imel kan buhu 600, kuma aka nemi in rubuta taƙaitaccen bayani kafin zaman sulhu.

Na fara da jera wasiƙun bisa ranar da aka aika su, domin a doguwar musayar imel sabuwa ce ke hawa sama, tsofaffin kuma suna maimaituwa a ƙasan kowace amsa. Da na cire maimaicin, fiye da rabi ya tafi. Kowace wasiƙa na ba ta layi ɗaya: kwanan wata, wanda ya rubuta, da abin da ya ce ko ya nema.

Wahalar tana wajen kalmomi. Mai siminti ya rubuta cewa an ƙi biyansa. Ni na rubuta: "Mai kawo kaya ya ce ba a biya kuɗin buhu 200 ba, ɗan kwangila ya ce an jinkirta biya saboda sun iso a daskare." Na guji "ya amsa laifi" da "ya fake da", don duk hukunci ne, ni kuwa ba alƙali ba ne.

Ban sa komai cikin abin da aka amince da shi ba sai da na ga ɓangarorin biyu sun faɗe shi a rubuce. Shirun ɗayansu ban ɗauke shi yarda ba. Abubuwa biyu suka tsira: farashin buhu, da cewa buhu 400 sun iso lafiya an kuma biya. Ranar kawo sauran na sa ta cikin abubuwan da ake jayayya, tare da ranakun wasiƙun da kowa ya dogara da su.