Yadda ake ɗora mara lafiya kan injin numfashi, da abin da ya sa bifi ke faɗuwa da an fara tura iska

Wannan bayanin na ƙannenmu ne ɗaliban nas da sabbin ma'aikata da ake turowa ɗakin kulawa ta musamman a nan Kaduna, don na lura da yawa idan suka tsaya gaban bentileta lambobin kawai suke kallo, basu san me iskar ke yi a cikin ƙirjin mutum ba. Likitan da ke kula da mara lafiyar shi ke yanke saitin, wannan ba musu, amma kai ne ke tsaye bakin gado ƙarfe uku na dare, toh dole ka san dalilin kowace lamba.

Kafin ka taɓa injin, fara da ƙirjinka. Ɗora hannu a ciki ka ja numfashi, zaka ji cikin ya ɗago. Akwai wani faffaɗan tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, shi ne ya sauka ƙasa, haƙarƙari suka buɗe, fili ya ƙaru a ƙirji, matsin cikin ƙirji ya koma ƙasa da na iskar waje, sai iska ta shigo da kanta. Kamar sirinji ne idan ka ja bayansa a cikin ruwa. Wato mu zuƙa muke yi, kuma zuƙar nan ba ta da wani ƙarfi, matsin da ke kewaye da huhu daga kusan -5 yake sauka zuwa kusan -8 cmH2O shikenan. Abin da mutane ke mantawa shi ne zuciya da manyan jijiyoyin da ke dawo da jini suma a cikin ƙirjin nan suke, saboda haka duk zuƙar da ka yi ba iska kaɗai ta ja ba, har jini ta jawo daga ciki da ƙafafu zuwa zuciya.

Injin kuwa mai faci ne, irin na bakin titi a Kawo, bugawa yake yi. Yana tura iska ta tiyon da ke maƙogwaro, huhu ya kumbura daga ciki ya ture ƙirji, matsin cikin ƙirji ya hau sama a daidai lokacin da a da yake sauka. Jijiyoyin da ke dawo da jini masu laushi ne sai su matsu, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, abin da zuciya bata samu ba kuma ba zata iya bugawa ba, sai bifi ya faɗi. Injinan farko ma zuƙa suke kwaikwayo, akwatin ƙarfe ne da wasu Amurkawa biyu, Drinker da Shaw, suka yi a 1928, a saka mutum ciki kansa a waje a riƙa janye iskar akwatin. Sai a annobar shan inna ta 1952 a Kofanhegan ne likita Bjorn Ibsen ya sa aka koma tura iska ta maƙogwaro, ɗaliban likita suna matsa jaka da hannu dare da rana, daga nan hanyar turawa ta kafu.

Toh bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi. A ce magidanci ne daga Tudun Wada, nimoniya ta kama shi, kwana huɗu yana zazzaɓi baya ci baya sha sosai, oksijin ɗinsa 82 duk da an sa masa abin rufe hanci da baki, ya gaji da numfashi, likita ya ce a sa tiyo. Nauyinsa kilo 95, bifi 105/65.

Mataki na farko, duba jininsa tun kafin a tura iskar farko. Mutumin nan a bushe yake, zuƙar da yake yi da ƙarfi tana cikin abin da ke taimaka masa riƙe bifin nan na 105. Da an ba shi maganin barci aka karɓe numfashin, an cire masa abu biyu lokaci guda, maganin ya saki jijiyoyi, turin iska kuma ya tare jinin da ke dawowa. Don haka a tabbatar akwai hanyar jijiya mai kyau, biyu ma idan da hali, ruwa yana tafiya, maganin ɗaga bifi yana kusa an riga an haɗa, monita kuma yana auna bifi akai-akai. Na sha ganin 105/65 ya koma 70/40 cikin minti biyar kowa ya rikice ana neman me ya faru, alhali abin da aka san zai faru ne.

Na biyu, jakar ambu, wadda ake matsawa da hannu a tura iska, kuma nan ne hannu ke yin ɓarna. Jakar manya tana ɗaukar kusan mil 1500, mutum kuma abin da yake buƙata bai wuce 500 ba, wato kashi ɗaya cikin uku. Matsa da hannu ɗaya, a hankali cikin daƙiƙa ɗaya, da ka ga ƙirji ya ɗago ka saki. Wanda baya numfashi amma zuciyarsa na bugawa, matsa ɗaya duk daƙiƙa shida ake farawa da shi, mai nimoniya irin namu zai so ɗan fiye da haka amma ba gudu ba. Wata rana na ga wani yaro sabon zuwa ya kama jakar da hannu biyu yana matsewa har ƙarshe sau kusan talatin a minti, gumi na zuba, shi a zuciyarsa ceton rai yake yi, sai babbar sistarmu ta dafa hannunsa ta ce, "Ɗana sassauta, ka bar iskar ta fita tukuna." Yana sassautawa bifi ya fara hawa a gaban idonmu.

Na uku, ɗauko tef ka auna tsawonsa. Wallahi wannan matakin shi aka fi tsallakewa kuma shi ya fi sauƙi. Huhu ba ya girma don mutum ya yi teɓa, tsawo da jinsi ke nuna girmansa, don haka ba da kilo 95 za a yi lissafi ba. Ga yadda ake fitar da nauyin lissafi, H shi ne tsawo a santimita:

```
namiji: 50 + 0.91 x (H - 152.4)
mace: 45.5 + 0.91 x (H - 152.4)
```

Mutuminmu santimita 170 ne, lissafi ya ba da kilo 66. Ana ba da mil 6 zuwa 8 a kowane kilo, mai ciwon huhu kuma a tsaya wajen 6, kenan Vt ɗinsa, wato iskar da ake tura masa a numfashi ɗaya, kusan mil 400. Da an bi kilo 95 a mil 8 da an buga masa 760, kusan ninki biyu, a huhun da rabinsa ya cika da ruwa da mugunya, duk iskar nan sai ta tafi ɗan ɓangaren da ya rage lafiya ta buɗe shi fiye da kima har shi ma ya lalace. Wani babban bincike da aka buga a 2000 ya gwada mil 6 da mil 12 a masu mummunan ciwon huhu, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31, babu wani sabon magani, rage iska kawai aka yi.

Sauran saitin farko ba su da wuya. FiO2, wato kason oksijin a iskar da injin ke turawa, a fara da 100%, da oksijin ya daidaita a riƙa saukewa ana neman SpO2, wato oksijin jininsa da monita ke nunawa, wajen 92 zuwa 96, kar a bar shi a ɗari har safe. PEEP a fara da 5, shi ne ɗan matsin da injin ke bari a ƙarshen fitar numfashi don ƙananan jakunkunan huhu kar su manne, kamar balan-balan da ba ka bari ya sace duka ba ya fi sauƙin sake hurawa. Mai nimoniya yana iya buƙatar a ƙara, amma ka tuna PEEP matsi ne da baya barin ƙirji ko na daƙiƙa ɗaya, duk ƙarin da aka yi idonka ya koma kan bifi. Yawan numfashi kuma tunda mun rage girman kowanne sai a sa kamar 20 a minti, 400 sau 20 lita 8 kenan, bayan rabin awa a ɗebi jini a ga iskar da ke cikinsa a gyara.

Na huɗu, koyi bambanta matsi biyu. Ppeak shi ne mafi girman matsi lokacin da iska ke gudu, ya haɗa wahalar ratsa tiyo da hanyoyin iska da ta buɗe huhun kansa. Pplat kuma sai ka danna inspiratory hold, iskar ta tsaya cik, lambar da ta rage ita ce ainihin abin da huhu ke ji, ana so kar ta wuce 30. Idan ƙararrawa ta yi ƙara ka ga Ppeak 40 amma Pplat 20, matsalar a hanya take, ko majina ta toshe tiyo, ko ya cije, ko ya lanƙwashe, ko hanyoyin iska sun shaƙe, sai ka zuƙe majina ka bi tiyon da hannu. Idan duka biyun suka hau tare toh huhun ne ko ƙirjin, tiyo ya zarce ɓangare ɗaya (yawanci dama), ko ruwa ya ƙaru, ko huhu ya huje iska tana taruwa a ƙirji. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro a kan inji, don kowane turi ƙara cusa iska yake ta hujin, gefe ɗaya ya daina motsi, ba ka jin numfashi a wajen, bifi ya faɗi, a kira likita nan take ba a jiran hoton ƙirji.

Abu ɗaya injin baya yi, baya fitar da iska. Huhu da ƙirji ne ke komawa da kansu kamar roba, kuma suna buƙatar lokaci, shi ya sa ake barin fita ta ninka shiga, I:E 1:2. Mai asma hanyoyinsa a matse suke, idan aka turo sabon numfashi na baya bai gama fita ba iska ta riƙa taruwa kaɗan-kaɗan har ƙirji ya cika ya danne zuciya. Zaka gane a allo, layin flow mai nuna gudun iska baya komawa sifili kafin numfashi na gaba ya fara. Irin wannan rage yawan numfashi ake yi a tsawaita fita zuwa 1:4 ko fiye, idan kuma bifi ya faɗi warwas ana raba tiyo da injin na wasu daƙiƙoƙi, zaka ji iska na fita shuuu ta daɗe.

Duk lokacin da mara lafiya ya rikice ba ka gane dalili ba, ko wuta ta ɗauke batirin inji ya fara kuka, cire shi daga injin ka koma jakar ambu da oksijin. Idan ya gyaru matsalar a inji ko wayoyinsa take, idan jakar tana tauri a hannunka matsalar a tiyo ko ƙirji take. Don haka idan ka karɓi aiki da yamma, kafin ka rubuta komai a takarda, duba kan gadon ka ga jakar tana nan da abin rufe fuskarta, ka matsa ta sau biyu ka ji tana aiki, ka tabbatar tukunyar oksijin da ke gefe ba fanko ba ce.