Babi na Bakwai: Yadda Ake Tsara Fom ɗin Rajistar Taro

Idan aka damƙa muku shirya taro, kada ku fara da zana fom. Ku fara ɗaukar farar takarda ku rubuta ayyukan da ke gabanku kafin ranar. Ayyukan ne za su gaya muku abin da ya kamata ku tambayi mahalarta. Duk tambayar da kuke son sawa, ku tsaya ku ce, "Idan aka ba ni amsar nan, me zan yi da ita?" In ba ku iya faɗin takamaiman aikin da za ta yi muku ba, ku soke ta.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar matan unguwa za ta shirya taron koyon haɗa sabulu, na yini ɗaya, a wani ajin makarantar firamare ranar Asabar. Ajin ba ya ɗaukar fiye da mutum 40. Kowace mace za ta ba da naira 2,000 na kayan aiki, za a yi abincin rana, kuma za a ba da takardar shaida idan an tashi. Sakatariyar ƙungiyar ce aka ɗora wa rajista.

Ayyukanta sun fito ke nan. Tana bukatar sanin yawan masu zuwa domin sayen kaya da auna shinkafa. Tana bukatar sunan da za a rubuta a takardar shaida. Tana bukatar hanyar sanar da mutane idan aka ɗaga ranar, misali in aka yi rasuwa a unguwa. Sai kuma sanin wadda ta biya da wadda ba ta biya ba.

Suna da waya

Layin suna yakan zo da matsala fiye da yadda ake zato. Idan kuka rubuta "Suna" kawai, wata za ta sa Hajiya Binta, wata Maman Abba, wata kuma Fati. A cikin mata 40 ba wuya a sami Fatima uku da A'isha huɗu, ranar raba takardar shaida sai a rasa ta wace ce. Saboda haka ku rubuta wa mai cikewa abin da kuke nufi: "Cikakken suna, kamar yadda kike so ya fito a takardar shaida." Wannan ƙarin bayani yana hana gardamar ko sunan mahaifi za a sa ko na miji, domin ita ce ta zaɓa. Ku bar layin da tsawo sosai. Wanda bai daɗe da koyon rubutu ba harufansa manya ne, kuma gajeren layi yana sa shi ya dunƙule sunan har ya ƙi karantuwa.

Lambar waya a Najeriya lamba 11 ce, tana farawa da sifili. A Nijar kuwa 8 ce. Maimakon dogon layi, ku zana ƙananan akwatuna daidai yawan lambobin, kowane akwati lamba ɗaya. Da kallo ɗaya za ku gane an tsallake lamba, tun mai fom ɗin tana tsaye a gabanku, ba sai ranar da kuka kira aka ce lambar ba ta cika ba.

Akwai wani abin da masu tsara fom a ofis sukan manta da shi. Mata da yawa ba su da wayar kansu, lambar maigida ko ta ɗa suke bayarwa. Ku ƙara ɗan wuri a ƙarƙashin akwatunan: "Wayar wa ce? Tawa / Ta wani a gida." Idan ta wani ce, sakatariya ta san cewa za ta yi sallama ta gabatar da kanta ta bar saƙo, ba ta hau magana da zarar an ɗauka ba.

Adireshi fa? Ba wanda zai kai wasiƙa gidan kowa, don haka lambar gida da sunan layi ba su da aikin yi. Sunan unguwa ya isa, shi ma don yana taimakawa wajen bambance masu suna ɗaya, kuma in wayar wata ta ƙi shiga a aika maƙwabciyarta.

Tambayar da ta dace da wannan taron kaɗai

Wajen haɗa sabulu ana amfani da soda mai ƙona fata, wadda in ta fantsama a ido tana iya yin mummunar illa. Yaro mai rarrafe ba shi da wurin zama a irin wannan aji. Don haka a wannan fom tambayar "Za ki zo da goyo ko ƙaramin yaro? Nawa?" tana da aiki babba. In amsa ta nuna yara 9 za su zo, an san za a nemi aji na biyu, da tabarma, da 'yan mata biyu masu raino, a kuma ƙara abinci.

Ku lura da bambancinta da tambayar "'Ya'yanki nawa?" wadda ake yawan gani a fom. Yawan 'ya'yan da mace ta haifa bai shafi sabulu ba, wata ma tambayar za ta sosa mata inda yake mata ciwo. Waɗanda za su shigo ajin ne suka shafi sakatariya. Da taron wa'azi ne ko na rabon taki, tambayar goyon ma ƙila ba za a sa ta ba. Shi ya sa kwafo fom ɗin wani taro ku canza masa kai kawai ba dabara ba ce.

Haka zancen shekaru. Ba a bukatar ranar haihuwa, mutane da yawa ma ba su riƙe ta ba, sai su ƙirƙiro. In dai manya kaɗai ake so saboda haɗarin sodar, a tambaya, "Kin kai shekara 18? I / A'a."

Abin da ba za a tambaya ba

A taron shiri ba a rasa wanda zai ce, "A sa har da NIN da BVN, ko za a bukata nan gaba." Kada ku yarda. Kalmar "ko za a bukata" ita ce ke mayar da fom mai layi shida ya koma shafi biyu. Waɗannan lambobi ba su da alaƙa da sayen man ja ko dafa shinkafa, amma a hannun ɗan damfara suna da amfani. Wanda ya sami suna da lambar waya da BVN a takarda ɗaya yana iya kiran mace ya ce daga banki yake, ya karanto mata bayananta har ta sakankance, sannan ya nemi lambar sirrin katinta. In hakan ta faru, ƙungiyar da ta tara bayanan za a zo wa da ƙorafi.

Ko da taron na biyan kuɗin mota ne ta banki, abin da ake bukata shi ne sunan banki, da sunan mai asusun, da lambar asusu mai lamba 10. Tura kuɗi ba ya bukatar BVN. Su ma waɗannan a karɓe su a takarda dabam, daga waɗanda suka halarta kaɗai.

Addini, da ƙabila, da jam'iyya, da ko mace tana da aure ko bazawara ce, duk a bar su. In abinci ne damuwar, kada ku tambayi cutar da ke damun mutum. Ku tambayi abin da mai girki ke son ji: "Akwai abincin da ba kya ci?" Doka ma tana tare da wannan. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi cewa a karɓi bayanan mutum gwargwadon bukata, don dalilin da aka bayyana, kuma kada a riƙe su fiye da lokacin da ake bukatarsu.

Yadda fom ɗin ya kasance

A sama a rubuta sunan taron, da rana, da wuri, da lokaci, da kuɗin kaya. Sai tambayoyin:

1. Cikakken suna, kamar yadda kike so ya fito a takardar shaida
2. Unguwa
3. Lambar waya (akwati 11). Tawa / Ta wani a gida
4. Kin kai shekara 18? I / A'a
5. Za ki zo da goyo ko ƙaramin yaro? I / A'a. Nawa?
6. Akwai abincin da ba kya ci?

A ƙasa a ja layi a rubuta "Na sakatariya", da lambar rajista daga 1 zuwa 40, da wurin nuna an biya. Lambar nan tana da amfani, domin da an kai 40 an san aji ya cika ba sai an zauna ƙirga ba. Sai jimla ɗaya ta alkawari: "Bayanan nan na wannan taro ne kawai, ba za a ba wani ba." In kuna da niyyar buɗe zauren WhatsApp bayan taro, ku sa shi a matsayin tambaya mai I ko A'a, domin kowa a zauren zai ga lambar kowa.

Duk wannan yana shiga rabin takardar A4, wato kowace takarda fom biyu, kwafi 20 ya wadatar. Wasu sun fi son doguwar takarda ɗaya da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. Ta fi araha, gaskiya ne, amma mace ta talatin tana karanta lambobin mutum 29 da suka riga ta, wani kuma yana iya ɗaukar hoton shafin da waya. A ganina a bar irin wannan takarda don kiran suna ranar taro, suna da alamar halarta kawai.

Kafin ku kai wa mai hoton takarda, ku ba mutum uku su cika, har da wadda karatunta bai yi ƙarfi ba, ku zauna ku yi shiru kuna kallo. Inda ta dakata da biro, ko ta ɗago ta ce, "Malama, nan me ake nufi?", nan ne gyara yake. In mutum biyu suka ba da amsa iri dabam da wadda kuke nema, laifin tambayar ne, ku sake ta. Wadda ba ta iya rubutu ba kuwa, a ja ta gefe a karanta mata, a rubuta abin da ta faɗa, a sake karanta mata lambar wayar ta tabbatar.

Bayan an tashi taro, an raba takardun shaida, an rufe lissafin kuɗi, fom ɗin sun gama aikinsu. A ajiye jerin sunaye a littafin ƙungiya, fom ɗin kuma a yayyaga ko a ƙona. Kada a bar su a kan taga, domin tsohuwar takarda ba ta daɗewa sai ka gan ta an ƙunsa ƙosai a ciki, da suna da lambar waya a jiki.

Aikin yi

Ƙungiyar manoman ƙauyenku za ta kai mutum 18 ziyarar wata gonar rani a mota ɗaya, a tashi da safe a dawo da yamma. Ku rubuta ayyukan mai shiryawa tukuna. Sannan ku duba waɗannan: suna, lambar waya, ranar haihuwa, girman gona, lambar wanda za a kira in wani abu ya faru a hanya, yawan matan aurensa, inda za a ɗauki mutum. Ku zaɓi waɗanda za su shiga fom, ku rubuta aikin da kowace za ta yi a gabanta, ku zana fom ɗin a littafinku ku zo da shi darasi na gaba.