Shawara Ga Masu Gidan Biredi A Kaduna

'Yan'uwa, sayen fulawa sai lokacin buƙata yana da daɗi: jari ba ya kwanciya, ga damina, sanyin ƙasa da ƙwari ba sa samun abin lalatawa. Amma tsarin nan yana son hanya mai tabbas, tamu kuwa kun san ta. Tirela ɗaya ta faɗi tsakanin Zariya da Kaduna, tanda ta mutu.

Ku yi wannan lissafin. In kana cin buhu 10 kullum, dilanka na kawowa cikin kwana 2, amma yakan kai 5, to da zarar saura buhu 50 ka yi oda, kada ka jira ya koma 20. Ranar da dila ya fara kawo rabin oda, nemi na biyu a cikin gari.