Yadda ake nuna wa yara zagayen ruwa da leda ɗaya a jikin taga

Ruwan da ke cikin teku da tafki da kogi ba zaune yake wuri ɗaya ba. Zafin rana yana ɗaga shi sama a matsayin tururi, can sama ya haɗu da sanyi ya zama gajimare, ya sauko a matsayin ruwan sama, ya gangara ya koma inda ya fito. Yaro zai iya haddace wannan cikin minti biyar, amma haddar ba ta nuna ya yarda cewa ruwa yana tashi sama ba tare da an gan shi ba. Gwajin leda an yi shi ne don wannan gaɓar, kuma idan aka shirya shi da kyau, ledar da kanta za ta ba da hujja.

Kayan ba su da yawa. Ana buƙatar leda garai-garai wadda ake ganin cikinta, mai zif a baki, mai faɗi kamar tafin hannu biyu. Sai ruwa kimanin mililita 60, wato rubu'in kofi, da kalar abinci shuɗiya, da salatif mai ƙarfi, da alƙalamin maka wadda ba ta gogewa, da taga mai gilashi da rana ke dukanta na tsawon sa'o'i. Idan da hali a tanadi leda biyu iri ɗaya, domin ta biyun tana da aiki a gaba.

Fara da zane tun ledar tana bushe. A sama yaro ya zana rana da gajimare, a ƙasa ya zana igiyar ruwa. Zanen ado ne kawai, don haka kada ya cika fuskar ledar har ya rufe abin da za a kalla.

Sai a haɗa ruwan da kalar a cikin kofi, ɗigo biyu ko uku, har ya yi shuɗi sosai. Wajen zubawa ne ake son natsuwa. A buɗe bakin ledar da kyau, a zura bakin kofin ko mazurari har kusa da gindinta, a tsiyaya a hankali yadda ko ɗigo ɗaya na shuɗin ruwa ba zai taɓa saman ledar ta ciki ba. Idan ya fantsama, a goge da busasshen tsumma ko a canza leda. Dalili shi ne, duk hujjar gwajin tana kan cewa saman ledar ya fara a bushe kuma babu launi a jikinsa.

Kada a matse iskar da ke ciki. A bar ledar ta ɗan kumbura yadda bangarorinta biyu ba za su manne da juna ba, sannan a ja zif ɗin har ƙarshe, a bi shi da yatsa sau biyu. Iskar nan ita ce sararin sama a wannan ƙaramar duniyar, kuma idan babu ita tururi ba shi da wurin tashi. A manna ledar a jikin gilashin taga ta cikin ɗaki, a sa salatif a kusurwoyin sama biyu da kuma tsawon bakin, domin ruwan yana da ɗan nauyi kuma zafi yana sassauta gam. Bayan ta daina motsi, a ja layi da maka daidai inda ruwan ya tsaya. Leda ta biyu a shirya ta kamar ta farko, ruwa daidai, kala daidai, amma a rataye ta a inuwa, can cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa.

Idan rana tana da ƙarfi, cikin sa'a ɗaya zuwa biyu saman ledar zai fara dusashewa, kamar an hura masa numfashi. Wannan dusashewar ƙananan ɗigon ruwa ne masu yawan gaske. Da tafiya ta yi tafiya sai su riƙa haɗuwa, biyu su zama ɗaya, har a ga manyan ɗigo suna ƙyalli. Ɗigon da ya yi nauyi zai sulale ƙasa, ya kwashe na kan hanyarsa, ya bar siririn layi wankakke a bayansa, ya faɗa cikin shuɗin ruwan. Idan yara sun ƙosa, a ɗan ƙwanƙwasa ledar da yatsa, za su ga ɗigo da yawa sun gangaro lokaci ɗaya.

A nan ne za a tsaya a yi tambayar da ta fi kowace amfani: wane launi ne ɗigon da ke sama? Ruwan ƙasa shuɗi ne, na sama kuwa garai yake. A buɗe zif ɗin kaɗan, a dangwali ɗigo ɗaya da farar takarda ko auduga, a nuna wa kowa. Babu shuɗi ko kaɗan. Da a ce ruwan ya hau jikin ledar ne ta hanyar naso ko fantsama, da ya tafi da launinsa. Abin da ya faru shi ne, zafi ya ba ƙwayoyin ruwa da ke fuskar ruwan ƙarfin ɓallewa su shiga iska ɗaya bayan ɗaya, kalar kuwa ba ta iya binsu, sai ta zauna a ƙasa. Haka gishirin teku yake zama a teku. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya mai gishiri ne, kuma yawancin tururin da ke zama ruwan sama daga teku yake tashi, amma ruwan sama yana saukowa ba gishiri. Wanda yake so ya gwada wannan ma, lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, don haka narka giram 2 na gishiri a cikin mililita 60 na ruwan ledar ya yi daidai, wato bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Sai dai kada a bar yara su ɗanɗana ruwan leda. A ɗiga ɗigon sama a kan baƙin faranti, a ɗiga na ƙasa a gefensa, a bari su bushe. Na ƙasa zai bar farin tabo, na sama ba zai bar wani abin kirki ba.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan faɗa wa yara, cewa dusashewar da suke gani ita ce tururin. Tururin ruwa ba a ganinsa da ido. Yana nan cike da tsakiyar ledar, inda ake ganin kamar babu komai. Abin da ake gani a jikin ledar ruwa ne da ya riga ya dawo ruwa, kamar gumin da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya.

Me ya sa yake dawowa? Yawan tururin da iska ke iya ɗauka ya dogara da zafinta. A digiri 30 na ma'aunin Selshiyas, lita 1,000 ta iska tana iya ɗaukar kimanin giram 30 na tururi, a digiri 20 kuwa kimanin giram 17 kawai. Idan iskar da ta ƙoshi da tururi ta taɓa wuri mai sanyi, rarar dole ta sauka ta zama ɗigo. Mu ɗauka ledarmu tana da lita ɗaya ta iska. A digiri 30 tana riƙe da giram 0.03, idan ta huce zuwa digiri 20 sai ta riƙe giram 0.017, ta saki giram 0.013. Ɗigo ɗaya na ruwa yana kai kimanin giram 0.05, ke nan abin da ta saki bai kai ko sulusin ɗigo ba. To daga ina ɗaruruwan ɗigon da ke jikin ledar suka fito? Daga maimaituwa. Iskar tana ɗauka a ƙasa inda ruwa ya yi ɗumi, ta ajiye a sama inda leda ta fi sanyi, ta koma ta sake ɗauka, ba tsayawa muddin akwai bambancin zafi tsakanin wuraren biyu. Ga manyan ɗalibai, wannan ɗan lissafin ya fi zanen kibiyoyi a allo bayyana dalilin kiran abin zagaye.

Layin da aka ja da maka ma yana da abin faɗa. Bayan kwana biyu ko uku ruwan zai sauka ƙasa da layin kaɗan ƙwarai, domin wani ɓangarensa yana maƙale a sama. A ƙwanƙwasa ledar ɗigon su sauko, zai koma kusan inda yake. Idan kuwa ruwan yana raguwa sosai kullum, zif ɗin bai rufu ba ko ledar ta huje.

Leda ta inuwa za ta yi jinkiri, ɗigonta kaɗan ne, wani lokaci sai da asuba za a ga ta dusashe bayan ɗaki ya yi sanyi cikin dare. Kada a ce wa yara ruwa ba ya tashi a inuwa. Yana tashi, a hankali ne, shi ya sa jiƙaƙƙen tufafi ke bushewa ko a cikin ɗaki.

Idan ta rana ta ƙi nuna komai, a duba abu uku. Ko dai an matse iskar, ko tagar ba ta samun rana kai tsaye, ko kuma ledar gaba ɗaya ta yi zafi daidai, ba wurin da ya fi wani sanyi. Na ukun yana faruwa a ranakun tsananin zafi, kuma maganinsa sauƙi ne: a jira la'asar, ko a manna ƙanƙara a saman ledar ta waje na minti ɗaya ko biyu, wurin zai dusashe ana kallo. A lura kuma da gefen da ɗigon suka fi taruwa. Kullum gefen da ya fi sanyi suke zaɓa, ko na gilashi ko na ɗaki, kuma yana iya sauyawa tsakanin rana da dare.

Ledar ba ta nuna komai da komai ba, kuma ya kamata a faɗa wa yara hakan. A sararin sama babu bango da tururi zai manne a jiki. Iska mai ɗumi ce ke hawa, tana hucewa, domin tana faɗaɗa yayin da take hawa, sai tururin ya taru a kan ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da gishiri da ke yawo a iska. Ɗigon gajimare ƙanana ne har sai kusan miliyan ɗaya sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. Haka nan a leda babu ƙasa da ruwa zai nutse ya zama na rijiya, babu kuma tsirrai. Na tsirran yana da sauƙin cikewa: a sa wata busasshiyar leda a kan reshe mai ɗanyen ganye da ke rana, a ɗaure bakinta da zare, a dawo bayan sa'o'i biyu ko uku. Za a tarar da ruwa ya taru a kusurwarta, wanda saiwa ta jawo daga ƙasa, ganye ya fitar ta ƙananan ƙofofinsa. A kwance ledar a ranar don kada ganyen ya dahu, kuma a tattara duk ledojin a ajiye inda ƙananan yara ba za su kai hannu ba.