Yadda na gano reshen da haske ya ɓoye a hoton bishiyar yiwuwa

Alhamdulillahi, lissafin ya fita. Hoton allo aka turo mini: jaka mai ƙwallo 5 ja da 3 shuɗi, a zaro biyu ba tare da mayar da na farko ba. Ana neman yiwuwar su fito launi daban-daban. A allon an zana bishiyar yiwuwa, wato zane mai rassa inda kowane reshe ke ɗauke da lambar yiwuwar zaro wani launi. Matsalar ita ce hasken taga ya cinye lambar reshen ja da ke bayan shuɗi.

Na faɗaɗa hoton, na rage haske, ba abin da ya bayyana. Na gwada 5/8 na reshen farko, bai zauna ba, domin bayan zaro ɗaya ƙwallo 7 suka rage a jakar.

Abin da ya warware shi: rassan da suka fito daga gaɓa ɗaya dole jimillarsu ta zama 1. Maƙwabcin reshen yana nan sarai, 2/7, don haka ɓoyayyen 5/7 ne.

Daga nan na ninka lambobin kowace hanya:

ja sannan shuɗi: 5/8 × 3/7 = 15/56
shuɗi sannan ja: 3/8 × 5/7 = 15/56

Na haɗa su, 30/56, wato 15/28. Don tabbatarwa na tara sakamakon hanyoyi huɗun, har da ja sannan ja da shuɗi sannan shuɗi: 20/56, 15/56, 15/56 da 6/56, suka ba da 56/56 cif, wato 1.